Inda na kai da lissafin yawan samfur: mutum 72 ko 957?

'Yan'uwa masu koyon ƙididdiga, ga inda na tsaya a wannan makon. Tambayar da nake bi ita ce wadda duk mai shirin fita tattara bayanai yake fara cin karo da ita: mutum nawa zan tambaya? Fomular da muka saba gani ita ce `n = (z·σ/E)²`, inda `σ` yake nuna yadda alƙaluma suka warwatsu, `E` kuskuren da za ka iya haƙura da shi, `z` kuwa 1.96 ne idan kana son tabbaci na kashi 95 cikin ɗari. Abin da ya ja hankalina shi ne wannan 1.96 ɗin. Daga rabon nan mai siffar ƙararrawa aka ciro shi, alhali kuɗin ciniki da kuɗin magani da yawan amfanin gona ba su da wannan siffa ko kusa. To me ya halatta mana amfani da shi?

Abin da ya halatta shi ne ƙa'idar iyaka ta tsakiya, wadda ake taƙaitawa `CLT` a allo. De Moivre ya fara hango ta a 1733, Laplace ya faɗaɗa ta a 1810. Ba ta ce alƙalumanka za su zama ƙararrawa ba. Cewa ta yi idan kana ta ɗibar samfur da ƙuri'a, kowane ɗiba kana fitar da matsakaicinsa, to waɗannan matsakaitan ne za su riƙa kusantar siffar ƙararrawa gwargwadon yadda `n` yake girma, muddin warwatsuwar tana da iyaka. Sai dai ba ta faɗi yaushe ne `n` ya isa ba. Maganar "da ka kai 30 shi ke nan" al'ada ce ta aji, babu ita a cikin ƙa'idar.

Don in gani da idona sai na ƙirƙiri kasuwa a kwamfuta. Alƙaluman nawa ne na gwaji, ba bincike na yi a kan kowa ba, amma Kasuwar Sabon Gari nake da ita a zuci. Ku tuna yadda take: ga mai tiren goro, ga mai kasa tattasai da attaruhu a gefen hanya, ga masu ƙananan shaguna birjik, sannan can ciki ga 'yan tsirarun manyan dilolin da ake loda musu buhuna a mota. Na ɗauki rabon da ake kira lognomal, na sa cinikin ɗan kasuwa na tsakiyar layi ya zama naira 10,000 a rana, na ba logarizim ɗinsa warwatsuwa ta 1. Da wannan zubi, matsakaicin gaskiya ya kama naira 16,487, `σ` kuma naira 21,612. Tun daga nan karkata ta bayyana: kusan mutum 69 cikin ɗari suna ƙasa da matsakaici, saboda manyan sun ja shi sama. Ma'aunin karkatar, wanda ake rubutawa `γ`, ya kai 6.18. A cikakkiyar ƙararrawa sifiri ne.

Na ce ina son sanin matsakaicin ciniki da kuskuren da bai wuce naira 5,000 ba. Fomula ta ba da `(1.96 × 21612 / 5000)² = 71.8`, wato mutum 72. Ya ninka 30 har da ɗoriya, a ido komai lafiya lau. Alƙawarin da ke cikin wannan lissafi shi ne: a cikin bincike ɗari, 95 za su fitar da tazarar da ta ƙunshi matsakaicin gaskiya, biyu da rabi su faɗo ƙasa da shi, biyu da rabi su haura sama. Ga abin da na gwada shi da shi a manhajar ƙididdiga ta R:

```r
gwaji <- function(n) {
  x  <- rlnorm(n, log(10000), 1)
  t  <- t.test(x)$conf.int
  mu <- 10000 * exp(0.5)
  c(kasa = t[2] < mu, sama = t[1] > mu)
}
rowMeans(replicate(20000, gwaji(72)))
```

Idan kun kunna shi za ku ga tazarar tana kama gaskiya a kimanin kashi 91 ne, ba 95 ba. Wannan kaɗai bai tayar min da hankali sosai ba. Yadda kuskuren ya rabu shi ne abin dubawa: wajen kashi 8 sun faɗo ƙasa da gaskiya, waɗanda suka haura sama kuwa da ƙyar suke kai kashi 1. Kusan duk lokacin da binciken ya kauce, gefe guda yake kaucewa, yana cewa 'yan kasuwa ba sa ciniki kamar yadda suke yi. Wanda zai tsara rance ko tallafi da irin wannan sakamako zai rage wa mutane ƙima bai sani ba.

A nan na fi daɗewa, domin dalilin ya fi adadin muhimmanci. Ku ɗauki kashi 1 cikin ɗari na saman wannan kasuwa, masu cinikin da ya haura naira 102,000 a rana. Suna riƙe da kusan kashi 9 na dukkan ciniki. Amma idan aka zo ga `σ²`, kusan rabinsa daga wajensu yake fitowa, tunda nisan kowa daga matsakaici ana ninka shi da kansa ne. Yanzu mene ne yiwuwar ka ɗebi mutum 72 ba ka samu ko ɗaya daga cikinsu ba? `0.99^72`, wato kusan 0.48. Kusan rabin binciken da za a yi ba zai haɗu da babban dila ko guda ba.

To ku dubi halin irin wannan samfur. Matsakaicinsa zai yi ƙasa, tunda manyan ba sa ciki. Warwatsuwar da za ka lissafa daga cikinsa, wato `s`, ita ma za ta yi ƙasa ƙwarai, saboda wannan dalili dai. Ƙaramin `s` kuwa tazara matsattsiya yake haifarwa. Ke nan a daidai lokacin da ka fi yin nisa da gaskiya, a lokacin ne lissafinka ya fi nuna maka cewa ka dace. Idan kuwa babban dila ya faɗo cikin samfur, matsakaici zai yi tsalle, amma `s` ma zai kumbura, tazarar ta buɗe har ta rufe gaskiya. Shi ya sa kuskuren sama yake da wuya. A alƙaluma masu siffar ƙararrawa matsakaici da `s` ba ruwan ɗaya da ɗaya. A karkatattu tare suke hawa, tare suke sauka. Fomular ta ɗauka ka san `σ` tun farko, mu kuwa a fili `s` muke da shi.

Akwai ma'auni mai sauƙi na saurin aikin ƙa'idar: karkatar matsakaici ita ce `γ/√n`. Da mutum 72 muna da 6.18 a raba da 8.49, wato 0.73, har yanzu a karkace sosai. Kuma tunda tushen `n` ne a ƙasa, sai ka ninka samfur sau huɗu kafin karkatar ta ragu da rabi. William Cochran ya ba da ƙa'idar aiki a kan haka: `n > 25γ²`, da nufin tazarar da aka ce ta 95 ta riƙa kamawa aƙalla kashi 94. A kasuwata, `25 × 6.185²` ya ba da 957 idan an cika. Na sa 957 a gurbin 72, sai kamun ya dawo wajen kashi 94. Amma ko a nan gefen ƙasa yana da kashi huɗu da ɗoriya, na sama ɗaya da 'yan kai. Wanda tambayarsa mai gefe guda ce, misali ko matsakaicin ciniki ya gaza wani adadi, bai tsira ba tukuna.

Saboda haka yanzu lissafi biyu nake yi, in ɗauki wanda ya fi girma. Na farko yana amsa faɗin tazarar da nake so, na biyu yana amsa ko 1.96 ya cancanci a yarda da shi. Idan karkatar 2 ce kawai, kamar ta wasu lokutan jiran layi, Cochran 100 zai nema. Tamu ce ta yi tsanani.

Wata matsalar kuma ita ce a ina za ka samo `γ`. Yawancinmu ɗan gwajin farko muke yi da mutum 30. Karkatar da za a lissafa daga samfur ba za ta taɓa wuce `(n−2)/√(n−1)` ba, wanda ga mutum 30 ya tsaya a 5.2. Ko da sa'a ta kai maƙura, gwajin ba zai iya nuna 6.18 ba, kuma a mafi yawan lokuta abin da zai nuna bai kai rabin haka ba. Don haka ina ɗaukar karkatar gwajin farko a matsayin mafi ƙarancin abin da ke akwai. Alamomin da nake dubawa a takardata su ne: matsakaici ya zarce na tsakiyar layi da nisa, `s` ya fi matsakaici girma alhali babu adadin da ke ƙasa da sifiri, sannan in rufe layin mutum mafi girma da yatsa in sake lissafi in ga ko amsar ta motsa sosai.

A gefe guda, wani ɗan'uwa da ke rubuta aikin kammala karatunsa a Samaru ya tambaye ni ko fomular Taro Yamane, `n = N/(1 + Ne²)`, inda `N` yake nufin yawan jama'ar gaba ɗaya, `e` kuma kuskuren da aka yarda da shi, za ta fisshe shi. Ita an gina ta ne don tambayar e ko a'a, da zaton rabi da rabi. Babu `σ` a cikinta, balle `γ`. Ga tambayar "kashi nawa ne ke da asusun banki" ta yi. Ga "nawa ake ciniki" ba hurunta ba ne.

Mutum 957 ya fi ƙarfin aljihun ɗalibi, na sani. Wasu sukan ɗauki logarizim na alƙaluman, kuma lallai karkatar tana gushewa, amma idan ka juyo da amsar za ta kai ka wajen naira 10,000 ne, cinikin na tsakiyar layi, ba 16,487 ba. Idan shi kake nema, madalla, aiki ya yi sauƙi. Idan kuwa jimillar kuɗin da ke juyawa a kasuwa kake so, matsakaici ne kaɗai zai ba ka ita idan ka ninka da yawan 'yan kasuwa.

Hanyar da ta fi kwanta min ita ce raba kasuwar gida-gida kafin ɗiba. Manyan dilolin ba ɓoyayyu ba ne, shugabannin kasuwa da 'yan dako duk sun san su. Sai a ware su a rukuni guda a tambaye su dukkansu, a yi ƙuri'a a cikin sauran. Rukunin da aka ƙirga kaf ba ya kawo kuskuren ɗiba, sauran kuma an yanke musu doguwar wutsiyar da ke jawo matsala, `σ` da `γ` duka sun sauka. Shi ne gwajin da ke gabana: zan cire kashi 1 na sama daga kasuwar kwamfutar, in sake auna karkatar ragowar, in ga nawa Cochran zai nema a lokacin. Wanda yake da R a hannu ya canza 1 ɗin da ke cikin `rlnorm` zuwa 0.5, ya mai da `exp(0.5)` zuwa `exp(0.125)`; karkatar za ta sauko zuwa 1.75, Cochran ya nemi 77, sai mu kwatanta abin da 72 ta ba shi da nawa.