Ina buhu goma sha huɗu suka tafi? Yadda muke lissafin ƙamfar hatsi a sitonmu

Sana'ata ajiyar hatsi, kuma sitona yana gefen kasuwar Dawanau a Kano. Masara, dawa, gero, wake da waken suya muke karɓa daga hannun manoma da 'yan kasuwa tun daga kaka, mu riƙe musu har bazara ko farkon damina lokacin da kaya ke daraja. Wanda bai san aikin ba yana ɗauka ɗaki ne da kwaɗo da maigadi. Mu da ke ciki mun san duk hatsin da ya shiga sito sai ya rage nauyi kafin ya fita. Abin da ya bambanta mai sito na ƙwarai da mai hayar ɗaki shi ne ya iya faɗa maka kilo nawa danshi ya ɗauka, nawa ƙwaro ya ci, nawa ya zube a hannun 'yan dako, kuma ya nuna maka a rubuce.

A wajen kawuna na koyi aikin. Shi bai taɓa riƙe na'urar gwada danshi ba, haƙorinsa ne na'urarsa. Idan mota ta tsaya, sai ya soka ƙarfe a buhu uku ko huɗu, ya jefa ƙwayar masara a baki ya ciza. In ta fashe da ƙara, ta bushe. In haƙori ya nutse ba ƙara, sai ya tofar ya ce da mai kaya, "Alhaji, wannan ruwa ka kawo mini, a kai ta rana tukuna." Ya kan kuma tura hannu har gwiwar hannu cikin buhu, domin busasshiyar masara tana zamewa ta ba hannu hanya, ɗanya kuwa cijewa take yi. Wata dabarar da ya nuna mini ita ce ta gishiri. A samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsi, a ƙara busasshen gishiri cokali biyu, a rufe a girgiza, a bari jim kaɗan. In gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa ajiya ba. Har yau yarana sai sun iya waɗannan kafin in damƙa musu na'ura, don batir yana mutuwa. Amma na'urar ce ke ba da lamba, kuma lamba ce ake rubutawa. Masara da dawa muna son danshinsu ya sauko kashi 13 cikin 100 ko ƙasa kafin mu jera su.

Ga misalin da ya fi yawan kawo rigima. Wani mai kaya ya kawo mana sabuwar masara daga yankin Saminaka a ƙarshen Oktoba, buhu 300, kowanne kilo 100, wato kilo 30,000. Na'ura ta nuna danshi kashi 17. A haka ba ta ajiyuwa, sati kaɗan za ta fara zafi a tsakiyar tsibi ta yi fumfuna. Muka baza ta a tampol, muka riƙa juyawa da manjagara har ta sauko 13. Lissafin ba shi da wuya. Masara mai danshi 17, ainihin hatsin da ke cikin kowane kilo 100 kilo 83 ne, saura ruwa. Idan ta koma 13, wannan kilo 83 ɗin shi ne kashi 87 na sabon nauyinta.

```
30,000 × 83 ÷ 87 = 28,620
```

Kilo 1,380 ke nan suka bi iska, kusan buhu 14, ba tare da ɓera ko ɓarawo ya taɓa ƙwaya ɗaya ba. A lura ƙamfar ta ɗan zarce kashi 4 da mutum zai yi tsammani idan ya debe 13 daga 17 kawai, ta kai kashi 4.6. Da mai kayan ya zo a watan Mayu ya ga buhu 286, fuskarsa ta canja. Ya ce, "Malam, ina buhuna goma sha huɗu?" Na buɗe masa littafi, ga ranar shigowa, ga nauyin sikeli, ga lambar danshi, ga sa hannun yaronsa a ƙasa. Na ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ka saya a kuɗin masara, kuma tun a ƙauye aka sayar maka da shi."

Nan ne takaicina yake, kuma ba zan gaji da faɗa ba. Wasu masu haɗa kaya a kasuwannin ƙauye sun mai da ha'inci sana'a. Busasshiya a bakin buhu, busasshiya a gindi, ɗanya a tsakiya. Wani ma da gangan yake yayyafa ruwa da daddare don sikeli ya hau, wani ya haɗa da yashi da totuwa da ɓawo. Shi ya sa ba ma ɗaukar samfur daga baki kaɗai. Ƙarfe yana shiga sama da tsakiya da ƙasa, kuma ni nake nuna buhun da za a soka, daga gaban mota da tsakiyarta da bayanta, ban taɓa barin direba ko dillali ya zaɓar mini ba. Buhu ɗaya mai ruwa a tsakiyar tsibi ya isa ya ɓata maƙwabtansa. Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa ita ce ke haifar da gubar aflatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta, kuma masu kamfanin abincin kaji suna gwadawa su mai da mota gaba ɗaya idan ta yi yawa.

Bayan bushewa sai jeri. Buhu ba ya taɓa siminti a wajenmu, kan katako yake zama, domin siminti yana tsotso danshin ƙasa da damina ko da ido bai gani ba. Muna barin kusan mita ɗaya tsakanin tsibi da bango, mutum ya iya zagayawa da tocila, sannan a bar fili tsakaninsa da kwanon rufi saboda zufar da kwano ke yi da asuba. Kowane tsibi da katinsa, kuma sabon kaya ba ya jingina da tsoho.

Ƙamfar ƙwaro ta fi ta danshi wuyar kamawa, don ɓarnarsa a ɓoye take farawa. Macen ƙwaron masara tana huda ƙwaya ta saka ƙwai a ciki ta liƙe ramin. Tsutsar tana ci daga ciki, a zafin bazara cikin kamar sati biyar ta zama ƙwaro ta fito. Ramin da ka gani a jikin masara ƙofar fita ce, an riga an gama cin abin da za a ci. Sau da yawa tun daga gona ƙwan yake tahowa. Don haka duk sati biyu muke zagaye. Muna duba garin da ke zubowa a gindin buhu, mu ɗora hannu mu ji ko akwai ɗumi, mu tankaɗe samfur a rariya mu ƙirga masu rai.

Idan muna son sanin kilo nawa ya tafi, sai mu ƙirga ƙwaya 1,000 daga samfurin da aka gauraya, mu ware masu rami. A ce lafiyayyu 900 ne, nauyinsu giram 270. Kowace ɗaya giram 0.3 ke nan, don haka da duka dubun lafiya suke da sun yi giram 300. Masu rami 100 kuma suka ba da giram 21 maimakon 30. Jimla 291, giram 9 sun tafi, kashi 3 cikin 100. A tsibin kilo 28,620 wannan ya haura buhu 8. Lissafin yana da iyaka, domin ƙwayar da tsutsa ke ciki ba ta fito ba tukuna cikin lafiyayyu za a ƙirga ta, saboda haka ainihin ɓarnar ta kan ɗara abin da takarda ta nuna. Kuma mai saye a Dawanau ba ruwansa da kashi 3, in ya watsa masara a tafin hannu ya ga rami a ɗaya cikin goma, farashin buhun gaba ɗaya zai karya. Masarar Saminaka da na ambata ba ta kai nan ba, mun yi mata hayaƙi tun zagaye na biyu.

Hayaƙin shi ne ƙwayar fostoksin da 'yan kasuwa ke ce wa bom. Iskar da take fitarwa tana kashe ƙwaro, tana kuma kashe mutum. Aikinta sai an lulluɓe tsibi da ledar da iska ba ta ratsawa, an danne gefenta da buhunan yashi, an sa ƙwayoyin a faranti yadda tokarsu ba za ta shiga hatsi ba, an bar shi a rufe sati guda. Ba mai kwana a sito ko a ɗakin da ke jikinsa a wannan lokaci. Masu jefa ƙwaya ɗaya a buhun da iska ke shiga tana fita manyan ƙwarin kawai suke kashewa, ƙwai da tsutsa suna nan, bayan wata guda a koma gidan jiya.

Waɗanda suka fi ɓata mana suna su ne masu sito mai araha da ke zuba wa wake fiya-fiya. Maganin da ke cikinta, daikulobos, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mu kuwa a nan gida muke ci. Sai mai kaya ya zo yana ciniki, wai wane a layin baya rabin kuɗina yake karɓa. Na kan ce, "Alhaji, je ka shinshina wakensa ka dawo." Wake a wajenmu buhun PICS yake shiga, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da abokan aikinsu na Afirka. Ba magani a ciki. Ƙwaron ne ke shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya mutu. Sharaɗinsa wake ya bushe sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada kuma ta huje. Jabunsa ya cika kasuwa, leda sirirya mai fashewa a ɗinki. Kafin mu zuba kaya sai mun hura kowace leda mun matse mun ji ko tana sacewa.

Saura ƙamfar ɗauka da saukewa, wadda ba wanda ke son rubuta ta. Ƙugiyar ɗan dako, buhun da aka wurgo daga saman tirela ya fashe, ramin ƙarfen samfur da ba a toshe ba, ɓera da ya huda gindi. Na hana ƙugiya a sitona, a kan buhun PICS kuwa ko wasa ba a yi. Abin da ya zube ana share shi a ranar, a tankaɗe, a auna, a rubuta a katin tsibin da ya fito. Wanda ya tsabtatu ya koma buhun mai shi, wanda ya haɗu da ƙasa a ware shi na dabbobi. A masarar nan ta Saminaka, abin da ya ɓace ta wannan hanya bai cika tiya takwas ba, wajen kilo 20.

Bana mai kayan ya dawo da mota biyu. Kafin a kwance igiya ya ce a fara soka ƙarfe a gabansa, na'ura ta nuna 16, ya kira wanda ya haɗa masa kayan a waya a nan take, suka yi ta jayayya a kan ragin da za a yi masa.