An cire kuɗi sau biyu, rasit ɗaya: abin da zaman kanti ya koya mini

A kantin kayan masarufi da nake riƙe wa maigidana lissafi a Sabon Garin Zariya, rigimar da ta fi cin lokaci ba ta farashi ba ce, ta na'urar POS ce. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, yawancin masu sayayya da kati suke biya. A cikin matsalolin na'urar kuwa, wadda ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce a cire wa mutum kuɗi sau biyu alhali rasit ɗaya ya fito. Mai saye yana riƙe da waya mai alat biyu, yaron kanti yana riƙe da takarda ɗaya, kowa na rantsuwa, kuma sau da yawa duk su biyun gaskiya suke faɗa.

Abin da na fahimta a hankali shi ne rasit ba ya raba wannan gardamar. Rasit shaida ce kawai cewa na'ura ta samu amsa daga banki ta buga. Tambayar da ke da amfani ita ce: kuɗin da aka cire na farko, yanzu suna hannun wa?

Wata ranar Alhamis da yamma wani malami daga Samaru ya yi sayayyar naira 38,500: shinkafa, man gyaɗa, madara da sabulu. Yaron da ke kan tebur ya sa katinsa, malam ya danna lambar sirri, na'ura ta tsaya a kan Processing tana ta juyawa, sannan ta nuna ISSUER OR SWITCH INOPERATIVE ta koma fuskar farko, ba ta buga komai ba. Aka sake sa kati, wannan karon ta nuna APPROVED, rasit ya fito, malam ya ɗora kaya a bayan babur ya tafi. Bai wuce Kwangila ba alat biyu suka shigo masa a jere. Ya juyo.

"Malam, kun cire mini kuɗi sau biyu," ya ce, yana miƙo mini wayar tun daga bakin ƙofa.

Yaron ya yi caraf ya ce, "Wallahi Baba sau ɗaya ne, ga rasit nan."

Na ce malam ya zauna, na roƙi ya bar ni in karanta alat ɗin da kyau, wayar tana hannunsa. Na farko ƙarfe 5:42, na biyu 5:44. Abin da na fara dubawa ragowar kuɗin da ke ƙasan kowane saƙo ne, domin wani lokaci banki kan turo saƙo ɗaya sau biyu, ka ga ragowar ba ta canja ba, lambar cinikin ma iri ɗaya, to wannan ba a cire komai ba sai tsoro. Nasa ba haka ba ne. Ragowar ta sauka da 38,500, ta sake sauka da 38,500. Da gaske an cire.

Daga nan na buɗe tarihin ciniki a cikin na'urar. Kowace na'ura tana da shi, sunan wurin ne ke bambanta, wata ta rubuta History, wata Transactions, wata a ƙarƙashin Reprint take ɓoye shi. Ga ciniki biyu a jere. Na 5:44 yana da lambar amsa 00, wato an amince. Na 5:42 yana da 91, wato na'ura ba ta samu bankin mai katin ko masu haɗa bankunan ba. Na duba asusun kanti a wayar maigida, 38,500 sau ɗaya suka shigo. Kenan kuɗin malam na farko sun bar asusunsa, ba su iso gare mu ba.

Yadda hakan ke faruwa bai da wuyar ganewa. In aka sa kati, na'ura kan aika saƙo ta hannun kamfanin da ke haɗa bankuna zuwa bankin mai katin. Bankin ya duba lambar sirri da ragowar kuɗi, ya cire, ya maido amsa ta hanyar da saƙon ya bi. Na'ura tana jiran amsar na ɗan lokaci ne kawai. In sabis ya yanke a hanyar dawowa, ko amsar ta makara, sai ta ɗauka cinikin ya faɗi, alhali banki ya riga ya cire. A ƙa'ida akwai saƙon warwarewa da ake aika wa bankin cewa a mayar wa mutum kuɗinsa, shi ya sa wasu kan ga kuɗin sun dawo kafin su bar kanti. Amma sabis ɗin da ya cinye amsa yana iya cinye wannan saƙon ma. Shi kuwa alat ta wata hanya daban yake zuwa, daga banki kai tsaye zuwa waya, bai san abin da ya faru a kan teburinmu ba. Kamar ka aiki yaro da kuɗi ne, an karɓa a can, shi kuma ya ɓata a hanyar kawo maka labari.

Malam ya ce, "To ku ba ni kuɗina, ku kwa bi bankin."

Wannan ce maganar da ta fi wuyar amsawa, domin a idon mai saye a kantinka abin ya faru. Sai dai kantin da ya zaro 38,500 daga aljihun tebur ya bayar a irin wannan hali, asara ya yi. Bayan kwana biyu ko uku bankin mai katin zai mayar da kuɗin cikin asusunsa, ba cikin na kanti ba. Mai tsoron Allah zai dawo da su. Wani kuwa ba ma zai lura sun dawo ba, kuma ba ka da hanyar ganin asusunsa. Ni dai a ganina ba a bin kanti kuɗin da bai karɓa ba, amma wajibi ne ya ba mai saye duk abin da zai karɓo haƙƙinsa da shi. Masu cewa "je ka bankinka" su juya baya, su ne ke sa mutane ganin duk mai POS ɓarawo ne.

Na buga takardar cinikin 5:42, wanda ya faɗi, na ja layi a ƙarƙashin abubuwan da za a tambaye shi: RRN, lamba ce mai alƙaluma 12 da ake bin sawun ciniki da ita tsakanin bankuna, sai STAN mai alƙaluma 6, sai Terminal ID na na'urarmu, da kwanan wata, da lokaci, da adadin kuɗi. In na'ura ta ƙi bugawa, a ɗauki hoton fuskarta, ko a kwafe da biro. Na ce masa bankin da ya ba shi kati zai je, ba namu ba, domin su kaɗai ke iya buɗe ƙorafi a kan asusunsa, kuma ya tabbata sun ba shi lambar ƙorafin kafin ya tashi.

A nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Takardar da ke hannun mai saye ta cinikin da ya yi nasara ce. In ya shiga banki ya miƙa ta, ma'aikacin ya kwafi RRN ɗin da ke jiki, to ya kai ƙarar cinikin da babu laifi a cikinsa. Za a tambayi bankin kanti, bankin kanti ya tambaye mu, mu nuna rasit mai APPROVED da shaidar an ba da kaya, sai a rufe ƙorafin a ce ba shi da gaskiya. Mutum ya yi makonni yana zirga-zirga zuwa bankunan da ke PZ a banza, kuɗin da ake nema kuma suna ƙarƙashin wata lambar da ba wanda ya ambata. Da yake adadin kuɗin ɗaya ne, ranar ɗaya, tazarar minti biyu kacal, ba abin da ke bambanta su sai RRN da STAN da lokaci. Shi ya sa na rubuta wa malam a bayan takardar da manyan baƙaƙe: wannan ne za ka kai, na 5:42.

Game da lokaci, Babban Bankin Najeriya ya fitar da umarni da ya fara aiki ranar 8 ga Yuni, 2020, cewa a warware ƙorafin cinikin POS da ya faɗi cikin awa 72. A aikace na ga wanda ya dawo cikin minti goma, na ga wanda ya haura mako, musamman in Asabar da Lahadi sun shiga tsakani. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, mai kati na da damar kai kuka sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin, kuma lambar ƙorafin nan ce za su fara nema. Na malam ya dawo ranar Talata.

Akwai ɗaya fuskar, wadda kuɗin ke hannunmu. Ciniki na farko ya wuce lafiya, amma takardar bugawa ta ƙare ko ta maƙale, ko batir ya yi sanyi na'ura ta mutu a daidai lokacin bugawa. Yaro bai ga rasit ba, ya ɗauka bai shiga ba, ya gyara takarda ya sake sa kati. In ka buɗe tarihi za ka ga 00 sau biyu, RRN biyu daban-daban, asusun kanti kuma ya karɓa sau biyu. Wannan ba sai an tura kowa banki ba, a mayar wa mutum kuɗinsa nan take. (Jan layin da ke fitowa a gefen takarda in ta kusa ƙarewa ba ado ba ne, amma sai ka yi ta faɗa kafin yara su riƙa canjawa a kan lokaci.)

Ko a nan ma akwai yadda ake mayarwa. Ba ma ba da tsabar kuɗi. Taransifa muke yi zuwa asusun da sunansa ya dace da na jikin katin, mu rubuta RRN ɗin cinikin a wurin bayani, mu shigar a littafi mai saye ya sa hannu. Dalili shi ne mutum na iya karɓar kuɗi a kanti alhali tun a hanya ya riga ya kira bankinsa ya shigar da ƙorafi. Bayan kwanaki sai saƙo ya zo cewa ana ƙalubalantar ciniki kaza, a kawo hujja cikin wa'adi. In ba ka amsa ba, ko ba ka da shaidar ka riga ka biya, za a zare kuɗin daga asusun kanti, ka biya sau biyu kenan.

Yanzu dokar teburinmu ita ce duk lokacin da na'ura ta yi shiru ko ta koma fuskar farko ba rasit, ba a sake sa kati sai an buɗe tarihi an ga abin da ta rubuta. In 00 ne, a sake buga rasit kawai. In 51 ne, kuɗin asusun ne ba su isa ba, 55 kuwa an yi kuskuren lambar sirri, waɗannan ba a cire komai. In 91 ne, sai a gaya wa mai saye tun kafin ya sake biya cewa mai yiwuwa an cire masa, a ba shi lambobin, a rubuta lambar wayarsa. Washegari da safe nakan sake gwada tarihin na'ura da abin da ya shiga asusu, domin yakan faru cinikin da na'ura ta ce ya faɗi ya iso cikin dare. In aka ga haka, mu ke kiran mai katin ya turo lambar asusunsa, mu kuma ce ya janye ƙorafin da ya kai banki.