Ƙafar R ce ta tona asiri

Yau Laraba. Da hantsi wani dattijo ya shigo shago da fostar walimar saukar karatun 'yarsa. An ɗage taron daga Asabar zuwa Lahadi, wanda ya tsara fostar kuma ya yi tafiya. Hoto kawai ke cikin wayarsa, babu fayil ɗin CorelDRAW, balle in danna rubutu in ga sunansa. Ya ce, "Malam, kalma ɗaya ce ai." Na ce, "Haka ne Baba, amma sai na gane salon rubutun tukuna, in ba haka ba za ta fito kamar faci a sabuwar riga."

Haruffan masu kauri ne, ba su da 'yan ƙafafun nan irin na Times New Roman. Duk mai wannan sana'a zai fara zargin Arial Bold ko Helvetica Bold. Wahalar ita ce faɗin haruffansu ɗaya ne. Helvetica ta fito a Switzerland a 1957, Arial kuma kamfanin Monotype ya yi ta a 1982, aka daidaita faɗinta da na Helvetica. Don haka tsawon layi ba zai gaya maka komai ba, sai ka shiga jikin harafi.

Na ƙara girman kalmar "Ranar". Ƙafar R ta sauko kusan a miƙe, da ɗan lanƙwasa a ƙarshe. Ta Arial a karkace take fita. Na duba t: kanta a yanke yake ƙat, a kwance, alhali na Arial a karkace aka yanke shi. Bakin s da na e su ma a kwance suke. G ɗin "Gayyata" na da ɗan ƙaho a ƙasa ta dama, wanda Arial ba ta da shi. Helvetica ce.

Ban kula ƙ ɗin "ƙarfe" ba. Ya fi 'yan'uwansa siranta, alamar kwamfuta ta aro shi daga wani salon ne, kamar yadda take yawan yi wa ƙ da ɗ da ɓ. Wanda ya yi hukunci da shi zai ɓata hanya.

Ba ni da Helvetica, sai na ɗauko Nimbus Sans Bold, wadda aka zana a kan siffarta. Na fara buga tsohuwar kalmar, "Asabar", na rage duhunta na ɗora a kan ta hoton. Na yi ta jan girma har tsayin A ya hau, sannan na matse tazarar haruffa kaɗan har r ta ƙarshe ta zauna. Sai da komai ya hau na sauya ta zuwa "Lahadi".

Launi daga tsakiyar jikin harafi na ɗiba, domin gefensa ya gauraya da koren bango. Sabuwar kalmar ta fi sauran kaifi, na ɗan dusashe ta. Bayan La'asar muka buga gwaji a A4 kafin a tura babbar.