Jimilla 624 da jimilla 657: wa ya zo na ɗaya?

Shekarar da aka fara ba ni riƙon aji, aji huɗu ne na ɓangaren kimiyya a wata sakandare da ke Tudun Wada a Kaduna, ɗalibai 46. Ƙarshen zangon farko, cikin sanyin Disamba, malamai suka miƙo mini makin darussansu: gwaje-gwajen cikin zango a kan 40, jarrabawa a kan 60, an haɗa sun zama ɗari. Na baje babbar takardar maki, sunaye a jere ta hagu, darussa a sama, na kwana biyu ina danna kalkuleta. Da na gama tara makin kowa, sai na jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan na rubuta matsayi. Wani yaro mai 657 ya zo na ɗaya. Wata yarinya mai 624 ta zo ta shida.

Ranar da aka dawo daga hutu mahaifin yarinyar ya zo da katin sakamako a hannu. Ɗan kasuwa ne, kuma bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, ɗan maƙwabcina ajinsu ɗaya, shi ne na huɗu. Na ɗora katinsa kusa da nata, kusan kowane darasi ta fi shi. Ta ina ya wuce ta?"

Na ce, "Alhaji, ka ba ni zuwa gobe in duba."

Ban ma kai gobe ba. Tarawar da na yi daidai take, ko maki ɗaya ban ɓatar ba: 82, 75, 80, 71, 79, 84, 76 da 77, sun ba da 624. Amma darussa takwas ne. A ajin akwai darasi na tara, lissafi mai zurfi, wanda ba dole ba ne, wasu sun ɗauka wasu sun bari. Ita ba ta ɗauka ba. Ke nan makinta a kan 800 yake, nasu a kan 900, ni kuwa na jera su layi ɗaya kamar mudu ɗaya aka auna su da shi. Idan aka raba 624 gida takwas, 78 ne. Idan aka raba 657 gida tara, 73 ne. Duk mai darasi tara da ya samu 70 kawai a kowanne, ya tashi da 630, ya haye kanta. Haka mutum biyar suka shige gabanta, alhali ita ce ta ɗaya.

Abin ya dame ni ƙwarai, domin an riga an kira sunan wani a filin taro an tafa masa, ita kuma ta yi hutun makonni tana ganin ta gaza. Na kai maganar ga mataimakiyar shugaban makaranta, tsohuwar malama da ta daɗe tana wannan aiki. Ta dubi takardar ta ce, "Malam, ina gurbin adadin darussa?" Babu. Tun daga ranar, bayan gurbin jimilla nakan buɗe wasu biyu: darussa nawa ɗalibi ya ɗauka, sannan matsakaicin makinsa. Da matsakaicin ake fitar da matsayi, sai fa idan kowa a ajin darussansa iri ɗaya ne, kamar yadda aka saba a firamare, inda jimilla da matsakaici jeri ɗaya za su ba ka.

Sai dai shi ma matsakaicin bai raba gardama gaba ɗaya ba, kuma wannan har yau ina juya shi a raina. Yaron nan mai 657, 49 ya ci a lissafi mai zurfi. Cire shi, sauran takwas ɗin 608 ne, wato 76. Darasi mai wuya da ya yi ƙarfin halin ɗauka shi ya janyo shi daga 76 zuwa 73. Ko a hakan yarinyar tana gabansa, amma da tazarar ƙarama ce, da mun hukunta shi saboda himmarsa. A ganina ya fi adalci a fitar da matsayi da darussan da kowa ya yi tarayya a kansu, na zaɓi a rubuta makinsa a kati shi kaɗai. Makarantarmu ba ta karɓi wannan ba, ta tsaya a kan matsakaici, na bi. Abin da na nace a kai shi ne a faɗi ƙa'idar tun farkon zango, kafin yaro ya zaɓi darasi.

Malamar nan ta koya mini wani abu kuma, na gane kuskuren tarawa. Bayan ka tara makin kowane ɗalibi a kwance, ka tara na kowane darasi a tsaye daga sama har ƙasa. Jimillar duk ɗalibai da jimillar duk darussa dole su zo ɗaya. A zango na biyu nawa suka saɓa da 27. Ta ce duk lokacin da bambancin ya rabu da tara ba saura, ka fara zargin an juya lambobi wajen dannawa. Raba 27 da tara, uku ne, saboda haka a nemi maki mai lambobi biyu da tazarar uku ke tsakaninsu, irin su 63, 74 ko 85. Cikin minti goma muka samo shi: 74 na wani yaro a bayoloji, na danna 47. Wannan dubawa ba ta kama kuskuren da aka yi wajen kwafowa daga takardar malamin darasi, don haka shi sai an sami mutum biyu, ɗaya na karantawa ɗaya na bi da yatsa.

Yanzu a kwamfuta nake yi, da Excel. Sunaye a A, darussa tara daga B zuwa J, sannan waɗannan huɗun a K, L, M da N:

```
=SUM(B2:J2)
=COUNT(B2:J2)
=K2/L2
=RANK(M2,$M$2:$M$47,0)
```

Na biyun yana ƙirga guraben da ke da lamba ne kawai. Don haka wanda bai ɗauki darasi ba a bar masa gurbin fayau. Idan aka sa masa sifili, kwamfuta za ta ɗauka darasi ne ya yi ya faɗi, ta raba makinsa gida tara, mun koma gidan jiya. Wanda kuwa darasin nasa ne amma bai zauna jarrabawa ba, ba a barin nasa fayau, domin rashin zuwan sai ya zame masa riba. Ana sa makin gwajinsa, ko a yi masa jarrabawar daga baya idan rashin lafiya ce ta hana shi. Alamar `$` ɗin nan kuma kada a manta da ita. In babu ita, da ka ja lissafin ƙasa sai kowa ya riƙa gwada kansa da waɗanda ke ƙasansa a layi kaɗai, har na ƙarshen takarda ya fito na ɗaya. Idan ka ga na ɗaya sun yi yawa kuma makinsu ba ɗaya ba, can za ka duba.

Idan biyu suka yi kunnen doki a na uku, mai bi musu na biyar ne, domin mutum huɗu ke gabansa. Iyaye kan tambaya ina na huɗu ya shiga, sai in ƙirga musu da yatsa.

Katin yarinyar kuwa, sabo muka rubuta mata, haka ma duk waɗanda matsayinsu ya motsa. Yaron da ya sauka daga na ɗaya na kira shi ni da shi kafin kowa ya ji, na buɗe masa takardar, na ba shi kalkuleta ya raba 657 gida tara da kansa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni ko zai iya ajiye lissafi mai zurfi a zango mai zuwa. Na roƙe shi kada ya ajiye, na nuna masa cewa ko babu darasin 76 yake da shi, ita 78. Bai ajiye ba.