Wando da kifi a layi ɗaya: kalmomin awo a Sinanci

Wanda ya zauna a Guangzhou, musamman wajen unguwar Xiaobei inda 'yan Afirka suka fi taruwa, zai iya yin ciniki da kalkuleta da nuni da yatsa har ya gama zamansa. Ni dai na ga hakan ba zai ishe ni ba, tunda zama na zo yi, sai na shiga ajin koyon Sinanci na yamma. A can na haɗu da abin da suke kira 量词 (liàngcí), wato kalmomin awo.

Mu ma muna cewa turmin atamfa, mudun gero, damin dawa. Bambancin shi ne, a Sinanci kusan kowane suna yana da nasa, kuma dole ne a sa shi bayan lamba, ko bayan "wannan" da "wancan" da "nawa" na tambayar adadi. Ba a cewa littafi uku kai tsaye, sai 三本书 (sān běn shū), wannan 本 ɗin a tsakiya.

Malamarmu takan ba mu takarda mai layi biyu, mu ja zare daga kalmar awo zuwa sunan da ya dace da ita. Ga irin wadda muke samu: a hagu 本, 件, 条, 张, 把, 只, a dama ƙamus, riga, wando, tebur, kujera, kyanwa.

Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce fara da kalmar da ba ta da faɗi. 本 (běn) ta abin da aka ɗinke shafukansa ce, don haka ƙamus ya tafi. 只 (zhī) ta yawancin ƙananan dabbobi da tsuntsaye ce, kyanwa ta tafi. Saura huɗu, kuma a nan ne ake sa tarkon.

件 (jiàn) ita ake koya wa mutum a matsayin ta tufafi, shi ya sa hannu kan yi saurin kai ta kan wando. Amma ta kayan sama ce, riga da kwat. Wando 条 (tiáo) yake ɗauka, domin Basine tsawonsa yake kallo: duk abu dogo siriri mai lanƙwasa nan yake shiga. Kifi, maciji, kogi, hanya, igiya, tawul, siket, duk 条 ne. Da na gane haka sai na daina haddace su ɗaya-ɗaya, na koma tambayar kaina yadda siffar abin take.

Tebur da kujera ma suna rikita ɗalibai, don tare ake ganinsu. 张 (zhāng) ta abu mai shimfiɗaɗɗen sama ce: takarda, tikiti, hoto, gado, tebur. Kujera mai majingina kuwa 把 (bǎ) take bi, tare da wuƙa da laima da makulli, abubuwan da ake damƙa da hannu. Haka takardar ta cika.

Sai dai siffa tana da iyaka, kuma gara mutum ya san haka da wuri. Doki 匹 (pǐ) yake ɗauka, saniya 头 (tóu), mota 辆 (liàng). Waɗannan hadda ce kawai. Kare kuma yana karɓar 只 yana karɓar 条. In ya fito a aikin haɗawa, a bar shi sai ƙarshe, a ga wadda ta rage bayan sauran sun samu nasu. Takalmi ƙafa biyu 双 (shuāng) ne, wari ɗaya kuwa 只.

Abin da nake yi yanzu, ba na rubuta sabon suna shi kaɗai a littafina. Ina rubuta shi da lambarsa da awonsa, kamar 一条裤子 (yì tiáo kùzi), wato wando ɗaya, in yi ta faɗa har bakina ya saba da su a dunƙule. Aikin jan zare yana nuna cewa ka gane amsa idan tana gabanka, amma a kasuwa ba mai jera maka zaɓi shida. Don haka bayan na gama, nakan rufe layin hagu in faɗo su da ka, ina sauya lamba. A nan ne ake tuna cewa biyu kafin kalmar awo 两 (liǎng) ce, ba 二 (èr) ba.

Wasu 'yan'uwa na cewa 个 (gè) ta isa, tunda ita ce gama-gari. Gaskiya za a fahimce ka sau da yawa, kuma in kalma ta ɓace maka gara ka faɗe ta da ka yi shiru. Amma a wajen 'yan sari akwai inda kuɗi ke shiga maganar: 一件, wato 件 ɗaya, kan nufi kwali guda da aka ɗaure, ba ƙwaya ɗaya ba. In mai shago ya ba ni farashin 一件, nakan tambaye shi guda nawa ne a ciki kafin a rubuta rasit.