Ginshiƙai shida da aka fasa saboda layi ɗaya

Watana huɗu da fara aiki a wani gini mai hawa uku a kudancin Jidda aka ba ni duba wuyan ginshiƙai, wato sashen da ke tasowa daga tushe wanda ƙasa za ta rufe. An riga an ɗaure rodi, kafintoci sun kafa katako ɓangare uku. Na zagaya da tef a hannu wajen la'asar.

A Jidda ruwan ƙasa yana kusa, kuma akwai gishiri a cikinsa saboda Bahar Maliya. Kankare ne ke kare rodi daga tsatsa. Idan kaurin da ke tsakanin rodi da waje ya yi kaɗan, gishiri zai isa ga ƙarfen da wuri, tsatsa ta kumbura, ta tsaga kankaren daga ciki. Shi ya sa zanenmu ya ce a bar milimita 50 tsakanin rodi da katako. Abin da ke riƙe wannan tazara wasu ƙananan dunƙulen siminti ne da ake ɗaurawa a jikin rodi, ma'aikata na ce musu biskit.

A layin C, daga C3 zuwa C8, na tarar babu biskit a ɓangaren gabas. Rodin ya jingina, yatsana da ƙyar yake shiga. Na auna, milimita 15 zuwa 20. Lambobin suna cikin ɗan littafina har yau. Amma ga abin da na rubuta a rahoto: "Wasu ginshiƙai na buƙatar gyaran tazara kafin a zuba kankare." Na sa hannu, na tafi gida.

Lokacin zafi ne, da dare ake zuba kankare don kada ya bushe da sauri ya tsage. Helumanmu dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, Baba nake ce masa. Ya karanta layin nan ni ba na wurin. A bakin mai ɗaurin rodi, "tazara" ita ce wadda ke tsakanin zobba, wato ƙananan rodin da ake lanƙwasawa su zagaye rodin da ke tsaye a ginshiƙi. Ya zagaya, ya ga ginshiƙai biyu a layin A da zobbansu suka ɗan ware, ya sa aka gyara, aka rufe katako, aka zuba.

Da aka cire katako, a C5 ana ganin inuwar zobba a jikin kankare, layi-layi kamar haƙarƙari. Injiniyan da ke sa ido a madadin mai gini ya zo da na'urar da ke auna zurfin rodi daga waje. Duka shida suka gaza. Da a saman ƙasa suke, wataƙila a yarda da ƙarin rufi na musamman. Waɗannan kuwa cikin ƙasa mai gishiri za su zauna, ba mai sake ganinsu. Ya ce a fasa.

Kwana tara aka yi. Fasawar ma sai a hankali, don kada a lanƙwasa rodin da ya fito daga tushe. Aka goge ƙarfe, aka sake katako, aka sake sayen kankare, masu cike ƙasa suna zaune suna jira. Ƙarar injin fasawar nan ta hana ni cin abinci.

Na je wurin Baba na ce, "Baba, ai na rubuta." Bai ɗaga murya ba. Ya miƙo min takardar ya ce, "'Yata, karanta kamar ba ke kika je wurin ba. Wanne ginshiƙi zan taɓa?" Na karanta sau biyu, ban sami amsa ba. Na kuma lura rahoton bai ce a dakata ba. "Kafin a zuba" izini ne ga duk wanda ya ga kamar ya gyara.

Abin da ya fi damuna shi ne na san dalilin da ya sa na rubuta haka. Ina sabuwa, ina jin nauyin in nuna aikin dattijo da lamba, sai na sassauta maganar don kunya. Kunyar ce ta ja masa tsayuwa gaban mai sa ido yana amsa laifin da ba nasa ba.

Daren nan na sake rubuta layin yadda ya kamata ya kasance: "Layin C, ginshiƙai C3 zuwa C8, ɓangaren gabas: tsakanin rodi da katako milimita 15 zuwa 20, zane ya ce 50. Babu biskit. A ɗaura su, a kira ni in sake aunawa. Kada a zuba kankare a layin C sai na sa hannu." Minti biyu ya ɗauke ni.

Yanzu ina haɗawa da hoto, tef yana jikin rodin, lambar ginshiƙin a rubuce a katako. Kafin in bar wurin aiki nakan ba Baba ya karanta, ya faɗa min da bakinsa abin da zai sa a yi. Makon jiya ya tsaya a wani layi ya ce, "Hagu daga ina, 'yata? Daga titi ko daga cikin gida?" Na karɓi biro na rubuta "arewa".