Rubuta bayanin murya kan hoton kasuwar Dawanau da aka riga aka ɗauka

Bambancin wannan aiki da rubutun da muka saba shi ne hoton ya riga ka zuwa, an ɗauka an yanka an jera, kai kuma aka miƙo maka aka ce sa mana magana a kai. Nawa na kasuwar Dawanau ne, wadda ke hanyar Katsina in ka fito daga Kano, ɗan fim ne gajere na yini ɗaya a ɓangaren hatsi, tun daga sauke kaya da safe.

Abu na farko da aikin ya koya min, ba a fara rubutu sai an zauna an kalli hoton da takarda a gefe, kana rubuta lokacin da ke ƙasan allo da abin da ake gani da kuma abin da ake ji. Misali 00:02:10 zuwa 00:02:24, dillali ya soka buhu ya zubo wake a tafin mai saye, suna ciniki. Daƙiƙa 14 ke nan, kuma iyakar filinka ke nan, ba wanda zai ƙara maka ko ɗaya.

To ga lissafin. Mai karanta Hausa a natse, irin karatun da ba na labaran rediyo ba, yana cin wajen kalma biyu a daƙiƙa, wato 28 a wannan wuri. Amma fa ba duka ne naka ba, sai ka bar daƙiƙa 2 a farko ido ya gane inda yake, sannan can wajen ƙarshe dillalin ya girgiza kai ya ce "albarka" da wata irin murya da wallahi ba marubucin da zai iya ƙirƙiro ta, wannan ma daƙiƙa 3 nasa ne ba a taɓawa. Saura 9, kalma 18. Abin da na sa shi ne: "Mai hatsin bai san mai saye ba, mai saye bai san shi ba. Dillali ne ya san kowa."

Ban ce ga dillali yana nuna wake ba, ai mai kallo yana da ido. Aikin murya shi ne ta faɗi abin da kyamara ba ta iya ɗaukowa, cewa wannan mutumin da ke tsaye ba shi ne mai kayan ba, la'ada yake ci, kuma amanar da ke tsakaninsa da ɓangarorin biyu ita ce jarinsa. Ko wannan ma sai da na kira wanda ya riƙe kyamara ya tabbatar min dillali ne, don in ka kira mai kaya dillali ko ka kira dawa gero, a Kano ba mai ƙara yarda da sauran maganarka, kuma da gaskiyarsu.

Inda muka ja da furodusa shi ne ƙarshen fim ɗin. Yana so a rufe da cewa magariba ta yi kasuwa ta tashi, alhali hoton ƙarshe da ke hannunmu na 'yan dako ne suna loda tirela da rana tsaka, inuwarsu gajeriya a ƙarƙashin ƙafafunsu. Na ce masa ranka ya daɗe inuwar nan za ta ƙaryata mu, duk wanda ya taɓa yini a kasuwa zai gane azahar ce. Muka tsaya a kan lodin, muryar ta yi maganar inda kaya irin waɗannan ke nufa, kudu da ƙasashen maƙwabta, ba tare da na ce ga inda wannan motar za ta ba tunda ba wanda ya tambayi direban. Farashi ma na cire gaba ɗaya, kuɗin kwanon gero na ranar ɗauka ba shi ne na ranar da za a kalla ba.

Sannan sai an karanta da baki a kan hoton, da agogo, kafin a shiga situdiyo. A takarda jimla tana kama da ta dace, amma a baki kalmomi masu dogon wasali suna jan lokaci sai ka ga bayanin da aka rubuta kan dillali ya tsallaka ya hau kan hoton mai tura kura. In haka ta faru kalma ake ragewa, ba a cewa mai karatu ya yi sauri, don da ya fara sauri hayaniyar kasuwar da ke ƙarƙashi sai ta haɗiye shi a daina jin me yake cewa.